Babi na Shida: Takardar da Za a Karanta a Duhu-duhu

A yawancin liyafar dare da ake yi a manyan ɗakunan taro, ba don mai karatu ake shirya fitilu ba. Masu ado sun fi son haske mai launi, shuɗi ko ja ko ruwan zuma, mai ɗaukar hoto kuma ya kafa tasa fitila mai ƙarfi ta haske fuskar mai jawabi daga gaba. Sakamakon haka fuskarsa tana sheƙi, idonsa yana cike da haske, takardar da ke kwance a gabansa kuwa tana cikin inuwar bakin mumbari. Idan an ɗauke wuta aka koma kan janareta, wani lokaci rabin fitilun ma ake kunnawa. A irin wannan hali ne za ka ga mutum mai ilimi, wanda shi ya rubuta jawabinsa da hannunsa, yana in-ina, yana ɗaga takarda kusa da hanci, yana maimaita layin da ya riga ya karanta. Jama'a su ce bai shirya ba. Sau da yawa ya shirya. Takardar ce aka buga ta kamar wasiƙar ofis, alhali aikin da za ta yi daban ne.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce shugabar wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce, shekarunta sun haura hamsin, za ta yi jawabin minti goma a liyafar shekara bayan sallar isha'i. Jawabin yana da kalmomi 1,200, domin mai karatu a natse a gaban jama'a yakan ci kalmomi kusan 120 a minti ɗaya. Sakatare ya buga shi da harafi lamba 12, ya cika shafi biyu da rabi na A4, ya danne da sitefula. A tebur da rana babu abin da ke damun wannan takarda. Aikinmu shi ne mu mai da ita abin da za a iya karantawa a tsaye, da dare, ido yana tashi yana komawa.

Girman harafi

Abu na farko da ke canzawa idan mutum ya miƙe tsaye shi ne nisa. Mai karatu a zaune yana riƙe takarda kimanin santimita 40 daga idonsa. Mai jawabi a tsaye, takarda a kan mumbari, nisan yakan kai santimita 60 zuwa 70. Girman da ido ke ganin harafi yana raguwa daidai da yadda nisa ke ƙaruwa, don haka lissafin ba shi da wuya: harafi lamba 12 a nisan 40 daidai yake da lamba 18 a nisan 60, daidai yake da lamba 21 a nisan 70. Wato mai buga lamba 18 bai yi wa shugabar wata alfarma ba tukuna, ya dai mayar mata da abin da tsayuwa ta ƙwace.

Sai maganar haske. A duhu-duhu ƙwayar ido tana buɗewa don ta tattaro haske, kuma idan ta buɗe, tazarar da abu ke fitowa tas a cikinta tana ƙuntata, gefen haruffa ya yi dishi-dishi. Ga kuma shekaru: daga wajen arba'in ido yakan fara kasa ganin na kusa, hasken da ke isa can cikin idon ɗan sittin kuma bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa cikin idon ɗan ashirin ba. Sakataren da ya duba takarda ya ce ai ana gani, da idonsa na saurayi ya duba. Akwai ma wani abin da ba a cika lura da shi ba: gilashin karatu an yanka shi ne don nisan littafi, saboda haka a kan mumbari takarda tana iya faɗawa tsakani, ta yi wa gilashi nisa, ta yi wa ido tsirara kusa. Babban harafi ne kaɗai ke rufe wannan giɓi.

Ƙungiyoyin masu raunin gani a Birtaniya da Amurka suna ɗaukar lamba 16 zuwa 18 a matsayin inda babban rubutu ya fara, kuma wannan don karatu a hannu ne cikin haske mai kyau. Ga shugabarmu zan zaɓi lamba 20. Wani zai ce me ya hana a kai 28 a huta? Abin da ya hana shi ne layi zai koma kalma huɗu, shafuka su haura ashirin da biyar, hannu ya kasa hutawa, jawabi ya riƙa fita a gutsure. Kowane ƙarin girma ana biyan kuɗinsa da ƙarin juya shafi, juya shafi kuwa nan ne haɗari ya fi yawa. Hanyar yanke hukunci ita ce a buga sakin layi guda da lamba 18 da 20 da 22, a ajiye a tsayin mumbari a ɗaki mai ƙaramar fitila, mai jawabin da kanta ta tsaya ta karanta. Mafi ƙanƙantar da ta karanta ba tare da sunkuyawa ba, a ɗauki na gaba da shi.

Irin harafin ma yana da tasiri, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Abin da duhu ke fara cinyewa shi ne siraran layuka, don haka haruffa irin su Times New Roman, masu kauri a wani gefe da siranta a wani, suna saurin dusashewa. Arial ko Verdana ko Tahoma sun fi jurewa saboda kaurinsu ɗaya ne ko'ina. Ga mai rubutun Hausa akwai ƙarin sharaɗi, wato ƙugiya. Bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi, shi ne kuma ke raba kafa da ƙafa, daki da ɗaki. Andika, wanda SIL ta ƙera don masu koyon karatu, yana da waɗannan haruffa duka kuma ƙugiyarsu a fili take. Kada a rubuta jawabi duka da manyan baƙaƙe da sunan ƙara gani. Layin da aka cika da manyan baƙaƙe tsayinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu masu hawa da masu sauka da ido zai kama, kuma ya fi cin wuri. Haka nan kada a kaurara komai. Idan duk shafi baƙi ƙirin ne, kalmar da ake so a danna ba ta da yadda za ta fito.

Matsala ɗaya tana jiran mutum a shagon buga takardu. Har yanzu akwai masu amfani da tsofaffin haruffan Hausa da suka ɗora ƙugiya a kan wasu maɓallai, ta yadda idan aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da su, ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma xaya. Ko da haruffan na zamani ne, idan kwamfutar shago ba ta da irin wanda aka zaɓa za ta musanya da wani, faɗin kalmomi ya canza, duk tsarin layi da shafi ya rushe. Maganin duka biyun ɗaya ne: a mai da fayil PDF a kwamfutar da aka tsara shi, a duba shi shafi-shafi, shi za a kai shago.

Inda layi zai tsaya

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne kwamfuta ba za ta yi wa kowa shi ba. Ita tana yanke layi ne inda faɗin takarda ya ƙare. Mai jawabi kuwa yana buƙatar layi ya ƙare inda numfashi ko ma'ana ta ƙare, domin ba kallon takarda yake yi a kai a kai ba. Yana duba ƙasa ya ɗebi jimla, ya ɗaga kai ya faɗe ta ga jama'a, ya dawo. Dawowar ce ke kayar da mutane. Idan shafi tubali ne guda na layuka masu tsayi ɗaya, ido ba shi da alamar da zai gane inda ya bari, balle ga shi ya fito daga kallon fitila mai ƙarfi yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya saba da inuwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Winston Churchill yakan sa a buga masa jawabansa cikin gajerun layuka, kowane yanki na jimla a layinsa, na ƙasa ya ɗan shige ciki, abin da ma'aikatansa ke kira tsarin zabura saboda kamarsa da yadda ake jera waƙoƙin Zabura a littafi. Takardar jawabinsa na 18 ga Yuni 1940 tana ajiye a cibiyar adana takardunsa da ke Cambridge, kuma ƙarshenta a haka yake. Mutumin da ake yi wa kallon gwanin magana da ka, a gaskiya karantawa yake yi, sai dai daga takardar da aka tsara don baki.

Ga wata jimla daga jawabin shugabarmu kamar yadda kwamfuta ta yanke ta:

A bara mun yi alkawarin gyara rufin ɗakin
karatu da na ɗakin kwanan ɗalibai, kuma ba
mu karɓi ko kwabo daga hannun iyayen yara
ba, sai abin da 'yan ƙungiya suka tara.

Ga ta kuma bayan an yanke ta da hannu:

A bara mun yi alkawarin gyara rufin ɗakin karatu
da na ɗakin kwanan ɗalibai,
kuma ba mu karɓi ko kwabo
daga hannun iyayen yara ba,
sai abin da 'yan ƙungiya suka tara.

Kalmomin ba su canza ba, amma a ta biyu kowane layi abu ne da za a ɗauka da kallo ɗaya a faɗa da numfashi ɗaya, kuma tsayin layukan ya bambanta, don haka gefen dama ya zama taswirar da ido ke ganewa. A ta farko dubi inda layuka suka ƙare. Na ɗaya ya tsaya a kan «ɗakin», kalmar da ke rataye tana jiran abokiyarta. Na biyu ya tsaya a kan «ba», na uku kuma ya bar «ba» ta rufewa ta faɗo farkon layi na huɗu, inda mai karatu zai iya ɗaukarta a matsayin sabuwar jimla.

Hausa tana da wuraren da ba a rabawa, kuma duk mai jin harshen ya san su da kunne ko bai taɓa karanta nahawu ba. Kalmar da ta ƙare da -n ko -r na mallaka tana tafiya da wadda ke binta: shugaban makaranta, hukumar ilimi. Wakilin suna ba ya rabuwa da aikatau: suka tara, za mu gina. Ƙananan kalmomi irin su da, a, ga, na, ta, don, sai, suna buɗe layi ne, ba sa rufe shi. Adadi yana zama tare da abin da ake ƙirgawa. Wannan ya fi muhimmanci a Hausa fiye da yadda ake zato, saboda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatu ba ya sanin yadda zai furta «gari» sai ya ga ko na masara ne ko na Zariya, ba ya sanin «ba mu» umarni ne ko korewa sai ya hango abin da ke gaba. A zaune cikin haske ido yana riga baki da kalmomi da yawa, shi ya sa ba ma lura. A duhu wannan rata tana raguwa, don haka dole kalmar da ke warware shubuha ta kasance a layi ɗaya da mai shubuhar.

A cikin Word, ana yanke layi ba tare da buɗe sabon sakin layi ba ta hanyar danna Shift+Enter, a bar Enter don ƙarshen sakin layi. A jera rubutu ta hagu kawai, kada a zaɓi Justify, wanda ke miƙe layuka su yi tsayi ɗaya, ya ɓata taswirar da muke nema, ya kuma buɗe ramuka tsakanin kalmomi. Tazarar layi a sa ta a kan Exactly, lamba 30 ga harafi lamba 20, wato kowane layi ya ci santimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan an bar santimita 2.5 a hagu da dama, faɗin rubutu ya zama santimita 16, wanda ke ɗaukar haruffa kusan 45 na Arial a wannan girma, kalmomi takwas ko tara. Yankin da ya fi haka tsawo a sake raba shi. Idan ya ƙi rabuwa, alama ce jimlar ta yi wa baki tsawo tun asali, a koma a gyara rubutun.

Lambobi a rubuta su yadda za a faɗe su. Babu mai son ya tsaya gaban jama'a yana ƙirga sifili a inuwa, ga waƙafi da aya sun zama abu ɗaya. Maimakon N2,450,000 a rubuta naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu da hamsin, a layinta ita kaɗai. Gaisuwar manyan baƙi kuma, wadda a wurinmu kuskure cikinta ya fi kuskure cikin jawabin kansa tsada, a ba ta shafinta daban: kowane mutum da sarautarsa ko muƙaminsa a layi ɗaya ko biyu, da fili a tsakani. Dalili shi ne wannan shafi ne zai canza a minti na ƙarshe. Wani bai zo ba ya aiko wakili, wani ya zo ba a zata ba. Idan akwai fili, alƙalami mai kauri ya isa. Idan akwai aya ko addu'a da Larabci, ita ma a ware mata layukanta a ƙara mata girma sosai, domin wasulla da ɗigogi ne farkon abin da ke ɓacewa.

Juya shafi

Kafin a zo ga juyawa, sai an yanke shawarar inda shafi zai ƙare. Tsayin A4 santimita 29.7 ne, amma ba duka za a yi amfani da shi ba. Ƙasan takarda shi ne ya fi kusa da cikin mai jawabi, don haka idan karatu ya gangaro can, haɓa tana sauka kan ƙirji, baki ya kauce wa makirufo, murya ta shaƙe, jama'a su riƙa kallon tsakar kai ko ɗaurin ɗankwali. A bar santimita 2.5 a sama, santimita 8 a ƙasa. Abin da ya rage ya ɗan haura santimita 19, wato layi 18. Idan aka cire kusan uku na tazarar sakin layi, saura 15, kowane da kalmomi shida a tsakaice, shafi ya ɗauki kalmomi kusan 90. Jawabin 1,200 zai ci shafi 13 da ɗoriya a lissafi, amma a aikace zai kai 15, saboda wasu shafukan za a tsayar da su tun ba su cika ba. Shafi biyu da rabi sun zama goma sha biyar. Sakatare zai yi ƙorafin takarda, a ba shi haƙuri.

Wannan yana nufin shugabar za ta canza shafi sau 14, kusan kowane daƙiƙa arba'in. Ƙa'idar ita ce kowane shafi ya ƙare da cikakkiyar jimla, in da hali da cikakken sakin layi, a wurin da ko babu takarda mai magana zai ɗan tsaya. Masu buga takardun kiɗa sun daɗe da sanin wannan, suna ƙoƙarin sa ƙarshen shafi ya faɗo inda makaɗi ke da hutu, hannunsa ya samu sarari. Amma ba kowace aya ce wurin juyawa ba. Kada a raba tambaya da amsarta, ko barkwanci da ƙarshensa, ko jerin sunayen waɗanda suka rasu, inda shiru da ƙarar takarda za su yi muni. Wuri mafi kyau shi ne inda ake sa ran tafi ko amin, ko inda magana ke sauya fuska, misali daga abin da aka yi bara zuwa abin da za a yi baɗi.

Mafi munin rabuwa a Hausa ita ce ta korewa. A ce shafi na shida ya ƙare da «Ba mu», ci gaban yana na bakwai. Shugabar ba ta da hanyar sanin ko roƙo ne take shirin yi ko musu, za ta ɗauki murya ɗaya ta tarar ɗayar ake nufi. Ko kuma jimla ta yi tsawo, «ba» ta ƙarshe ta tsallaka ita kaɗai, muryar ta riga ta sauka kamar an gama, sai ga wata «ba» a saman sabon shafi ba uwa ba uba. A Word, zaɓin Keep lines together da ke cikin akwatin Paragraph yana hana sakin layi rabuwa tsakanin shafuka biyu, kuma yana da kyau a kunna shi ga jawabin duka. Sai dai shi bai san inda tafi zai zo ba. Bayan an gama gyaran kalmomi, a bi jawabin daga farko ana karantawa da murya, a danna Ctrl+Enter a duk inda aka zaɓa shafi ya ƙare. A yi wannan a ƙarshe, kuma daga shafin farko zuwa gaba, domin kowane yanka yana ture abin da ke bayansa.

Akwai wata dabara da alarammominmu suka riga kowa a nan. Alƙur'anin da ake rubutawa da hannu a Borno da ƙasar Hausa ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake cikin bango, kuma marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don in sun hautsine a iya jera su. Mai jawabi yana amfana da wannan ta fuska biyu. Idan aka rubuta kalmomi uku na farkon shafi na gaba a ƙasan dama a matsayin jagora, da ɗan ƙaramin harafi kuma a ware da rubutun, bakinsa yana da abin faɗa yayin da hannu ke aiki. Idan kuma ya ɗauki takarda biyu a haɗe, yana duba saman sabon shafi zai ga kalmomin ba su dace ba, ya gane tun bai faɗi jimlar da ba ta da alaƙa da ta baya ba. Lambar shafi a sa ta sama ta dama, babba, tare da jimillar shafuka, kamar 7/15.

A gaskiya kalmar juyawa ma ba ta dace ba, domin takardar jawabi ba a juya ta, zamar da ita ake yi. A buga a fuska ɗaya kawai, kada a sa sitefula. Takardar da aka danne sai an ɗaga ta an kifa, jama'a su gani, makirufo ya ɗauki ƙarar. Masu karanta labarai a rediyo tun da daɗewa suke barin shafukansu a sake saboda wannan. Idan mumbari yana da faɗin da zai ɗauki A4 biyu gefe da gefe, wato santimita 42 ko fiye, a ajiye shafi na ɗaya a hagu, sauran a dama. Ana gama na hagu ido ya tsallaka dama ba tare da hannu ya motsa ba. Bayan an ci layi biyu ko uku a na dama, sai a zame shi a hankali ya hau kan na hagu, na uku ya bayyana. Ta haka kullum shafi na gaba a buɗe yake kafin a buƙace shi. Sai dai a ƙarshe tarin zai kasance a juye, na 15 a sama, don haka duk wanda ya gwada jawabinsa kafin taro ya tuna ya sake jera shi.

Takardar kanta tana da nata hali. Ta yau da kullum mai nauyin giram 70 ko 80 tana da laushi, tana mannewa da 'yar'uwarta, musamman in ta fito daga firinta da ɗuminta, ga yatsu a bushe lokacin hunturu. Mai giram 100 ko 120 ta fi tsayawa, ba ta cika ƙara ba, kuma fanka ba ta saurin ɗauke ta. In ba a samu ba, a ɗan lanƙwasa kusurwar sama ta kowane shafi don yatsa ya samu abin kamawa. Kada a sa takarda a leda ko a yi mata rufin roba, domin duk abu mai sheƙi yana mayar da hasken fitila cikin ido, rubutu ya ɓace a daidai wurin da hasken ya faɗo. A tabbatar mai shago bai kunna tsarin tsimin tawada ba, wanda wasu firintoci ke kira Toner Save ko EconoMode, don rubutun da ya fito toka-toka a duhu rabin rubutu ne. Alamomin da mai jawabi zai ƙara da hannu a yi su da baƙin alƙalami. Jan biro yana dusashewa ƙarƙashin jar fitila, alƙalamin haskaka rubutu mai shuɗi ko kore kuma yana iya yin duhu ya rufe kalmar da aka so a fito da ita. Ja layi a ƙarƙashin kalma da tsaga ɗaya a wurin numfashi sun wadatar.

Idan babu mumbari, makirufo yana hannu ɗaya, lissafin ya canza. A4 a hannu ɗaya tana lanƙwashewa, kuma tana nuna wa kowa rawar hannu. A koma kati mai kauri girman A5, rabin A4, a huda kusurwar sama ta hagu a zura zobe ko zare, don in ya faɗi ya faɗi a jere. Tun da yanzu nisan ya dawo kusan 40, lamba 16 ko 18 ta isa.

Gwaji na ƙarshe a yi shi a wurin taron, bayan magariba, da fitilun da za a kunna da dare, har da ta mai hoto idan ya iso. Shugabar ta tsaya ta karanta shafi ɗaya tana ɗaga kai a ƙarshen kowane sakin layi, wani ya zauna a gaba yana kallonta. Alamomin a bayyane suke. Idan tana sunkuyawa ko tana tsuke ido, girma ko haske bai isa ba, kuma ƙaramar fitila mai batir da aka maƙala a gefen mumbari, tana haskawa daga gefe ba daga gaba ba, ta fi sake bugawa sauƙi. Idan tana bin layi da yatsa ko tana maimaita layi, tazara ta yi kaɗan ko layukan sun yi kama da juna. Idan muryarta tana yankewa a tsakiyar jimla, an yanke layi ko shafi a wurin da bai dace ba, a sa alama a gyara.

Ƙarin da ya zo a makare, kamar godiya ga wanda ya ba da gudummawa da yammar ranar, kada a cusa shi cikin fayil a sake buga komai, don zai ture duk wuraren da aka zaɓa. A buga shi a takardarsa daban da girma iri ɗaya, a rubuta masa 7b, a sa shi bayan shafi na bakwai, a soke kalmomin jagora da ke ƙasan 7 a rubuta na 7b da hannu, a ƙasan 7b kuma a rubuta na farkon 8. Kwafi na biyu, a jere kuma a danne da faifan maƙala takarda, ya zauna a hannun sakatare a kujerar gaba.